Shekara 16 zuwa 30 ga Satumba: Yadda ake lissafin shekarun ɗalibi a ranar da ba ta zo ba tukuna

Duk shekara, da zarar an buɗe rajistar jarrabawar shiga manyan makarantu ta JAMB, cibiyoyin rajista a Funtua da Malumfashi kan cika da iyaye da ɗalibai daga cikin gari da kuma Bakori, Danja, Kafur, Dandume da ƙauyukan da ke kewaye. Kafin a kai ga maganar darussa ko zaɓen jami'a, akwai tambaya guda da ke iya rufe ƙofa gaba ɗaya: shekarun yaron sun kai? Da yawa daga cikin iyaye kan amsa ta da shekarun da yaron yake da su a ranar da suke tsaye a layi. Hukumar kuwa wata rana daban take dubawa, wadda ke can gaba da wata shida ko bakwai.

A rajistar 2025, sharaɗin JAMB shi ne ɗalibi ya kasance ya cika shekara 16 zuwa ranar 30 ga Satumba, 2025. An yi rajistar a watan Fabrairu da farkon Maris, aka fara jarrabawar a ranar 24 ga Afrilu, amma babu ɗaya daga cikin waɗannan ranaku da aka auna shekaru da ita. Saboda haka yarinya 'yar shekara 15 a ranar jarrabawa tana iya cika sharaɗi, yayin da abokiyar karatunta da suke aji ɗaya, wadda ta girme ta a jiki, ta gaza da kwana biyu kacal.

Wannan rana da hukuma ke tsayarwa don auna shekaru, a nan za mu kira ta ranar awo. Wanda ya fahimci yadda take aiki zai iya sanin matsayin ɗansa tun kafin ya fitar da kuɗin fom, kuma lissafin ɗaya ne ko ana maganar JAMB, ko tallafin karatu, ko gurbin makarantar soja ko ta 'yan sanda.

Yadda aka iso ga 30 ga Satumba

Dokar ba ta daɗe da zama a yadda take ba. A taron tsara manufofin ɗaukar ɗalibai na watan Yulin 2024, Ministan Ilimi na wancan lokaci, Farfesa Tahir Mamman, ya ce shekara 18 ce mafi ƙaranci wajen shiga manyan makarantu. Shugabannin makarantu suka yi ca a zauren, daga ƙarshe aka amince a bar ta a 16 a wannan shekarar. A watan Oktoban 2024 JAMB ta yi ƙarin bayani cewa makarantu na iya ɗaukar wanda zai cika 16 zuwa ranar 31 ga Agusta, 2025 a zangon 2024/2025, domin jami'o'i ba sa fara zango a lokaci ɗaya. A watan Nuwamba, sabon minista, Dakta Tunji Alausa, ya soke batun shekara 18, kuma a taron Yulin 2025 ya sake jaddada 16 a matsayin ma'auni. Ga waɗanda suka zauna jarrabawar 2025, ranar awo ta koma 30 ga Satumba.

Abin lura a wannan tarihi shi ne, adadin shekarun bai sauya ba tsakanin zangunan biyu, amma ranar awo ta matsa da wata ɗaya. Wannan ya isa ya nuna cewa ba a dogara da ranar bara. Kowace shekara sai an koma ga sanarwar hukuma an karanta ranar da ta rubuta, da watanta, da shekararta.

Dalilin da ya sa ake zaɓen rana a gaba ba ɓoyayye ba ne. Abin da ake so shi ne yaro ya kai munzali lokacin da zai fara zama a jami'a, kuma yawancin makarantu na buɗe sabon zango ne daga ƙarshen shekara. Da za a auna a ranar rajista, wanda ya yi rajista a makon farko da wanda ya yi a makon ƙarshe ba za su fuskanci ma'auni ɗaya ba. Da za a auna a ranar jarrabawa, sai rabon da na'ura ta yi wa mutum, na ranar farko ko ta ƙarshe, ya yanke masa hukunci. Rana guda ga kowa ita ce ke kawar da wannan bambanci.

Hanya mafi aminci: mayar da sharaɗin zuwa ranar haihuwa

Maimakon a riƙa ƙirga shekarun kowane yaro ɗaya bayan ɗaya, masu aikin tantancewa kan juya sharaɗin ya koma ranar haihuwa. Ana ɗaukar ranar awo, a bar rana da wata yadda suke, a debe adadin shekarun da ake buƙata daga shekarar. Idan aka debe 16 daga 2025, saura 2009. Ke nan iyakar ita ce 30 ga Satumba, 2009. Duk wanda aka haifa a wannan rana ko kafinta ya cika sharaɗi. Duk wanda aka haifa daga 1 ga Oktoba, 2009 zuwa gaba bai cika ba.

Mu ɗauki misalin ɗalibai uku da suka kammala sakandare tare a 2025. Ta farko, 'yar Bakori, an haife ta ranar 12 ga Yuli, 2009. Lokacin da ta yi rajista a Fabrairu shekarunta 15 da wata bakwai, kuma ko a ranar jarrabawa ba ta kai 16 ba. Amma 12 ga Yuli ta riga 30 ga Satumba, don haka kafin ranar awo ta cika 16 har da ɗoriyar wata biyu da rabi. Ta cancanta.

Na biyu, ɗan Malumfashi, an haife shi daidai ranar 30 ga Satumba, 2009. A ranar awo ce yake cika 16. Tun da sharaɗin ya ce zuwa wannan rana, ita ma ranar tana ciki, saboda haka ya tsallake, ko da yake babu ko kwana ɗaya a tsakani.

Na uku, ɗan Funtua, an haife shi ranar 2 ga Oktoba, 2009. A ranar awo shekarunsa 15 da wata 11 da kwana 28. Kwana biyu suka rage masa, amma ma'aunin bai san kusa ba. A idon doka matsayinsa ɗaya ne da wanda wata shida ya rage masa.

Wanda yake son ya ƙirga shekarun kai tsaye yana iya yi da mataki biyu. Ya debe shekarar haihuwa daga shekarar awo. Sannan ya tambayi kansa: zagayowar ranar haihuwar yaron za ta zo kafin ranar awo ko a ranar, ko kuwa sai bayanta? Idan sai bayanta ne, ya rage ɗaya daga amsar da ya samu. Ga ɗan Funtua, 2025 a debe 2009 ya ba da 16, amma 2 ga Oktoba tana bayan 30 ga Satumba, don haka amsar ta koma 15.

Inda lissafi ke karkacewa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tsayawa a matakin farko. Uba ya ce, ɗana ɗan 2009 ne, bana 2025, ai ya kai 16. Wannan gaskiya ne ga waɗanda aka haifa daga Janairu zuwa Satumba kawai. Duk ɗan Oktoba, Nuwamba da Disamba, wato 'ya'yan kaka da farkon hunturu, suna faɗawa ɗaya gefen. Wata uku cikin goma sha biyu ba ƙaramin kaso ba ne, kuma a kan waɗannan yara ne ya kamata a fi sa ido.

Kuskure na biyu kishiyar na farko ne, kuma asararsa ba ta fitowa fili. Iyaye su ga yaro ɗan 15 ne a watan Fabrairu, su ce bai kai ba, su hana shi rajista, alhali a watan Yuni ko Agusta zai cika 16. Irin wannan yaro ya rasa shekara guda ba tare da wata hukuma ta hana shi komai ba.

Kuskure na uku na ma'aikatan ofis ne, masu tantance sunaye da yawa a kwamfuta, kamar a makaranta ko a kwamitin tallafin karatu na ƙaramar hukuma. Wasu kan ƙirga kwanakin da ke tsakanin ranar haihuwa da ranar awo, su raba da 365. Matsalar ita ce, duk bayan shekara huɗu Fabrairu na yin kwana 29. Tsakanin 30 ga Satumba, 2009 da 30 ga Satumba, 2025 akwai irin waɗannan shekaru huɗu: 2012, 2016, 2020 da 2024. Don haka cikakkiyar shekara 16 a nan kwana 5,844 ce. Wanda aka haifa ranar 4 ga Oktoba, 2009 yana da kwana 5,840 a ranar awo, kuma idan aka raba wannan da 365 za a samu 16 cif. Ta wannan hanya duk wanda aka haifa daga 1 zuwa 4 ga Oktoba zai bayyana a jerin waɗanda suka cancanta, alhali ba su kai ba. Ɗan Funtua na misalinmu zai samu albishir a makaranta, sannan ya ci karo da akasin haka a wurin hukuma.

Ga mai amfani da Excel, idan ranar haihuwa tana cikin gidan A2, ɗayan waɗannan biyu ya wadatar:

```
=DATEDIF(A2,DATE(2025,9,30),"Y")
=A2<=DATE(2009,9,30)
```

Na farko yana ba da cikakkun shekarun yaron a ranar awo. Na biyu yana gwada ranar haihuwarsa da iyakar, ya amsa da `TRUE` idan ya cancanta ko `FALSE` idan bai kai ba. Abin da ya kamata a guje wa shi ne sanya `TODAY()` a madadin ranar awo, domin wannan yana auna shekarun ne da ranar da aka buɗe takardar, sai amsar ta riƙa sauyawa daga mako zuwa mako. Hanyar gane ko tsarin da aka gina daidai ne ba ta da wuya: a gwada shi da 30 ga Satumba da 1 ga Oktoba na shekarar iyaka. Idan bai karɓi ta farko ya ƙi ta biyu ba, akwai gyara.

Sallah goma sha shida ba shekara 16 ba ce

A yankin Funtua da Malumfashi, kamar sauran ƙasar Hausa, yawancin gidaje ba da lambar kalanda suke tuna haihuwa ba. Za ka ji an ce an haife shi ana cire masara, ko lokacin tsinkar auduga, ko cikin azumi, ko washegarin Babbar Sallah. Wannan tuni yana da amfani sosai, amma dole a san yadda za a karanta shi, domin kalanda biyu ne a ciki. Lokutan noma na tafiya da shekarar rana, wadda hukuma ke amfani da ita. Azumi da Sallah kuwa na tafiya da shekarar Hijira, mai kwana 354 ko 355, wadda ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11.

Kwana 11 a shekara ɗaya ba wani abu ba ne, amma a shekara 16 ya taru ya kusa wata shida. A ɗauki yaron da aka haifa ranar Babbar Sallar 2009, wadda ta kama 27 ga Nuwamba. Babbar Sallar 2025 ta zo ne ranar 6 ga Yuni. A wannan rana, a lissafin Hijira, yaron ya cika shekara 16 daidai, kuma mahaifiyarsa ba ta yi ƙarya ba idan ta faɗi haka. Amma a lissafin da JAMB ke bi, saura masa kwana 174. Ko a ranar 30 ga Satumba shekarunsa 15 ne da wata goma. Bai cancanta ba.

A ɗaya ɓangaren, azumin 2009 ya fara ne a ƙarshe-ƙarshen Agusta, aka yi Ƙaramar Sallah wajen 20 ga Satumba. Saboda haka duk wanda aka haifa cikin wancan azumin ya faɗo cikin iyaka. Wanda kuma aka ce an haife shi bayan Ƙaramar Sallah da 'yan kwanaki, wannan yana kan gaɓa, domin kwana goma ne kawai tsakanin Sallar da ƙarshen Satumba. A irin wannan hali tunin baki ba zai raba gardama ba, sai an nemo rubutu: takardar haihuwa, katin asibiti, katin rigakafi, ko abin da wani a gidan ya rubuta a ranar suna. Idan ranar suna aka samu, a tuna cewa haihuwar ta riga ta da mako guda.

Ranar da hukuma ke gani

Ko da iyaye sun san ranar haihuwa sarai, ba ita na'urar JAMB ke karantawa ba sai idan ita ce aka rubuta a rajistar ɗan ƙasa. Tun daga 2021 hukumar ta wajabta lambar NIN. Ɗalibi kan tura kalmar `NIN` da lambarsa mai alƙaluma 11 zuwa `55019` ko `66019`, a dawo masa da lambar da zai yi rajista da ita, sannan sunansa da ranar haihuwarsa su fito kai tsaye daga rumbun hukumar NIMC. Ma'aikacin cibiyar rajista ba shi da ikon sauya su. Ke nan ranar da aka shigar shekarun baya, wataƙila cikin gaggawa a lokacin da ake tururuwar haɗa layukan waya da NIN, ita ce za ta yanke hukunci.

Akwai kurakurai biyu da ke yawan aukuwa a wurin shigar da ranar. Na farko shi ne musanya rana da wata. A Najeriya ana fara rubuta rana ne sannan wata, don haka `10/03/2009` na nufin 10 ga Maris. Amma akwai tsarin Amurka da ke fara sa wata, wanda wasu kwamfutoci ke zuwa da shi, kuma a can waɗannan alƙaluma na nufin 3 ga Oktoba. Yaron da ya cika 16 tun watan Maris, idan aka juya masa haka, sai ya koma wanda ya gaza da kwana uku. Wannan kuskure na iya ɓuya ne kawai idan ranar haihuwar ba ta wuce 12 ga wata ba, domin babu wata na 13. Duk wanda aka haifi ɗansa tsakanin 1 da 12 ga wata, ya kamata ya duba takardar NIN da kyau, ya kuma saba da rubuta sunan watan da haruffa a duk inda fom ya ba da dama.

Na biyu shi ne ranar cike gurbi. Idan wanda ya kai yaro rajista bai san ranar ba, sau da yawa akan rubuta 1 ga Janairu. Yaron da aka haifa a Nuwamban 2009, idan aka ba shi 1 ga Janairun 2009 an ƙara masa kusan shekara, idan kuma aka ba shi 1 ga Janairun 2010 an rage masa makonni. Ko wanne ne, rikicin na tasowa ne ranar da aka ajiye takardar NIN kusa da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da kuma sakamakon WAEC ko NECO, aka ga ranakun ba su yi daidai ba. Jami'a kan nemi waɗannan takardu wajen tantance sababbin ɗalibai, kuma a nan ne saɓanin ke fitowa, bayan an riga an kashe kuɗi an sa rai.

Gyaran ranar haihuwa a NIMC yana yiwuwa, amma ana biyan kuɗi, ana neman hujja, kuma yana ɗaukar lokaci. Wanda ya fara shi bayan an buɗe rajistar JAMB yana iya ganin an rufe kafin gyaran ya fito. Lokacin da ya dace a jera takardun a duba shi ne tun yaro yana aji huɗu ko biyar na sakandare, kafin makaranta ta tura bayanansa ga hukumomin jarrabawar kammalawa.

Idan shekarun ba su kai ba

JAMB ta bar wata 'yar ƙofa ga masu hazaƙa ta musamman, amma ƙunci gare ta. A 2025 an bar waɗanda ba su kai shekarun ba su zauna jarrabawar, bisa sharaɗin sai sun ci aƙalla maki 320 cikin 400, wato kashi 80 cikin ɗari, sannan su nuna irin wannan ƙwazo a jarrabawar kammala sakandare da tantancewar jami'a, su kuma fuskanci wata tantancewa ta musamman. Cikin ɗalibai sama da 41,000 da suka bi wannan hanya, 599 ne suka kai makin, kuma a sanarwar da hukumar ta fitar a watan Oktoban 2025, mutum 85 ne suka haye. Yaron da ya ci 280 ko 300 ya yi rawar gani a kowane ma'auni, amma idan shekarunsa ba su kai ba, wannan maki ba zai ba shi gurbi ba. Sakamakon JAMB kuma na shekara ɗaya ne, ba a ajiye shi zuwa baɗi.

Nan ne wasu ke sha'awar gajeriyar hanya, wato a ƙara wa yaro shekara a takarda. Ban da kasancewarsa laifi, ma'aikacin gwamnati ya fi kowa sanin abin da wannan ke jawowa. Ranar da aka rubuta a yau ita ce za ta bi mutum zuwa hidimar ƙasa, inda wanda ya haura shekara 30 lokacin kammala digiri ba ya tafiya. Ita ce za a duba idan ana ɗaukar aiki mai iyakar shekaru, ita ce kuma za ta tsayar da ranar ritaya, a shekara 60 da haihuwa ko 35 da fara aiki. Shekarar da aka ƙara wa yaro yana ɗan 15, shi zai biya ta daga baya.

Abin da ya fi shi ne a yi lissafin tun da wuri. Sakandare shekara shida ce. Wanda ya shiga aji ɗaya a Satumban 2019 shi ne ya kammala a 2025. Don haka idan ranar awo ta ci gaba da zama a ƙarshen Satumba, yaron da bai cika shekara goma ba zuwa 30 ga Satumba na shekarar da ya shiga aji ɗaya, ba zai cika 16 ba zuwa ranar awo ta shekarar da zai fita. Iyayen da ke cire yaro daga aji huɗu ko biyar na firamare su kai shi sakandare, ko a makarantar kuɗi ta cikin gari ko a irin Kwalejin 'Yan Mata ta Tarayya da ke Bakori, suna iya sanin sakamakon wannan tsallake tun shekara shida kafin ya zo.

Tallafin karatu: idan iyakar ta sama ce

A JAMB ana gudun ƙarancin shekaru ne. A yawancin tallafin karatu kuwa yawansu ake gudu, kuma a nan lissafin yana juyewa: wanda aka haifa kafin iyaka shi ne ya fita. Tallafin gwamnatin Japan da ake kira MEXT, wanda 'yan Najeriya ke nema ta ofishin jakadancinta da ke Abuja, misali ne mai kyau, domin shi ba ya barin mutum da ƙirge. Ga masu neman karatun bincike a 2026, sharaɗin shi ne a haifi mutum ranar 2 ga Afrilu, 1991 ko bayanta. Shekarar karatu a Japan na farawa ne ranar 1 ga Afrilu. Wanda aka haifa 2 ga Afrilun 1991 yana da shekara 34 a wannan rana ta 2026, sai washegari zai cika 35. Wanda aka haifa 1 ga Afrilun 1991 ya riga ya cika. Manufar ita ce ƙasa da shekara 35, amma an rubuta ta da ranar haihuwa don kada a samu fahimta biyu.

Ba duk masu ba da tallafi ne ke yin wannan taka-tsantsan ba, don haka sai mai nema ya karanta kalmomin sanarwa da natsuwa. Idan aka ce ƙasa da shekara 35 a rana kaza, wanda ya cika 35 a ranar ya fita. Idan kuwa aka ce kada ya wuce 35, ana iya fahimtar cewa ɗan 35 yana ciki har zuwa jajibirin cikarsa 36. Da a ce haka aka rubuta a misalin da ke sama, da iyakar ta koma 2 ga Afrilu, 1990. Shekara guda cur ce tsakanin maganganun biyu. Malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya da ke neman ƙaro karatu, idan shekarunsa suka faɗa cikin wannan tazara, ya rubuta wa masu tallafin ya nemi su faɗa masa ranar haihuwar da suka ɗauka a matsayin iyaka, ya kuma ajiye amsar, kafin ya fara kashe kuɗin fasfo da fassarar takardu.

Haka kuma a lura ko sanarwar ta ambaci ranar awo. Wasu na auna shekaru a ranar rufe karɓar takardu, wasu a ranar fara karatu, kuma tsakanin biyun ana iya samun wata takwas ko fiye. Ga wanda ke gudun wuce iyaka, rana mai nisa a gaba tana cutar da shi, saɓanin ɗalibin JAMB da take taimaka wa.

Ga mai ɗa ko 'ya da ke shirin rajista mai zuwa, aikin ba ya ɗaukar fiye da zama ɗaya. Ya samo sanarwar wannan shekarar daga hukumar kanta, ya rubuta ranar awo, ya debe shekarun da ake buƙata don ya fitar da iyakar haihuwa. Sannan ya ɗauko takardar NIN ta yaron da takardar haihuwarsa, ya tabbatar rana ɗaya ce a jikinsu, ya gwada ta da iyakar. Idan ranar ta faɗo tsakanin Oktoba da Disamba, ko kuma takardun biyu sun saɓa, wannan shi ne abin da zai fara warwarewa kafin ya sayi fom.